Kafin Ku Ɗora Rubutunku a Shafin Gano Satar Rubutu

Ƙannena ɗalibai, maza da mata, musamman ku da ke shekarar ƙarshe a jami'a ko kwaleji, da ku masu digiri na biyu, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninku wadda nake so mu tsaya a kanta. Ɗalibi zai gama rubuta firojet ɗinsa bayan wata da watanni yana wahala, sai ya ji an ce sashensu ba ya karɓar aikin da kamanceceniyarsa da rubutun wasu ta wuce wani kaso, ko kuma an ce malamai sun fara bincika ko ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta wa mutum. Sai gabansa ya faɗi. Cikin dare ya buɗe waya ya nemi shafin da ke dubawa kyauta, ya ɗora fayil ɗin gaba ɗayansa, tun daga shafin sadaukarwa har zuwa rataye. Bayan 'yan mintoci a nuna masa wata lamba, hankalinsa ya kwanta, ya rufe wayar. A ganinsa an duba an gama.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, babu yadda za a yi shafi ya duba rubutu ba tare da rubutun ya bar wayar ba. Da zarar ka danna maɓallin ɗorawa, cikakken kwafin aikinka ya tafi kwamfutocin wani kamfani, galibi a wata ƙasa, kuma daga nan abin da zai faru da shi ya dogara ne ga sharuɗɗan da kamfanin ya rubuta wa kansa, waɗanda ka amince da su ba tare da ka karanta ba. Naka kwafin yana nan a hannunka, shi ya sa ba ka ji an ɗauke maka komai ba. Amma yanzu akwai kwafi biyu, kuma ɗaya ba ka da iko da shi.

Ya kamata ku san dalilin da ya sa waɗannan kamfanoni ke kwaɗayin ajiye rubutu, don in kun gane wannan, sauran maganar za ta yi muku sauƙi. Manhajar gano satar rubutu ba ta da wata basira ta sanin ɓarawo. Gwadawa kawai take yi. Tana yanyanka rubutunka zuwa gajerun jerin kalmomi, ta nemi irinsu a cikin abin da take da shi a rumbu: shafukan intanet, mujallun ilimi, da rubuce-rubucen ɗaliban da suka riga ka. In ɗalibi ya kwafe firojet ɗin yayansa da aka yi a wata jami'a shekara biyar da suka wuce, ba za a kama shi ba sai in wancan firojet ɗin yana cikin rumbun. Ke nan ƙarfin kamfanin shi ne yawan rubutun ɗalibai da ya tara, kuma kowane aiki da aka ɗora ƙarin jari ne a gare shi. Turnitin, wanda ya fi kowanne shahara, an kafa shi a ƙarshen shekarun 1990 a jihar Kaliforniya ta Amurka. A shekarar 2019 kamfanin Advance Publications ya saye shi a kan kusan dala biliyan 1.75. Ba na shakkar cewa babban ɓangare na wannan daraja yana cikin tarin rubutun ɗalibai da aka yi shekara ashirin ana zubawa a ciki, ɗaliban da ba a biya ko ɗayansu sisin kwabo ba.

Masu gano rubutun ƙirƙirarriyar basira aikinsu ya ɗan bambanta. Su suna auna salon jimloli ne, su yi hasashen ko mutum ne ya rubuta ko inji. Amma su ma suna da nasu dalilin son rubutunka, domin irin wannan manhaja da misalai ake horar da ita, kuma rubutun ɗan Adam na gaske, sabo, wanda bai taɓa fita intanet ba, kaya ne mai amfani a wurinsu. Wani kamfanin ya rubuta a sharuɗɗansa cewa ba ya amfani da abin da aka ɗora wajen horarwa, wani ya ce yana yi, wani kuma ya ɓoye maganar a cikin jimlar da ke cewa yana amfani da bayanai don inganta ayyukansa. Abin takaicin shi ne sakamakon da ake sayar da sirri don a samu ba ma abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI ya fitar da tasa manhajar ganowa a watan Janairun 2023, ya janye ta a watan Yuli na shekarar saboda yawan kuskurenta. A shekarar dai wasu masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji da rubuce-rubucen waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, suka tarar an jingina fiye da rabinsu ga inji, alhali mutane ne suka rubuta da hannunsu. Mu da muka koyi Turanci a aji muna cikin wannan rukuni. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya ɗora aikinsa a shafi na farko an ce masa inji ne, ya firgita ya tafi na biyu, ya tafi na uku, kafin gari ya waye ya raba kwafin aikinsa ga kamfanoni da dama waɗanda ko sunansu ba zai iya tunawa ba.

Akwai misali guda da nake so kowane ɗalibi ya sani, domin shi ne ya fi fito da abin fili. Wata manhaja mai suna Viper ta yi tashe a tsakanin ɗaliban Birtaniya saboda tana duba satar rubutu kyauta. A lokacin tana da alaƙa da kamfanin All Answers, mai shafin UKEssays, shafin da sana'arsa ita ce rubuta wa ɗalibai aiki a biya shi. A cikin sharuɗɗan dubawar kyauta an rubuta cewa bayan wasu watanni za a iya wallafa rubutun da aka ɗora a shafukan kamfanin, a matsayin misali ga sauran ɗalibai. Ba a ɓoye ba, a rubuce yake, kuma duk wanda ya danna amincewa ya ba da izini da kansa. Jami'o'i da dama a Birtaniya sai da suka riƙa gargaɗin ɗalibansu a kan su guji irin waɗannan shafuka. Ku dubi ribar da ke cikin wannan tsari: ɗalibin kirki, wanda tsoron a ce ya yi sata ne ya kai shi, shi ne ke cika shagon da masu satar ke shiga. Kuma in aikinsa ya fito a intanet kafin a gama tantance shi, ko wani ya kwafe shi ya riga shi miƙawa a wata makaranta, shi ne zai tsaya gaban kwamiti yana rantsuwa cewa nasa ne.

Mu nan gida mun san irin wannan kasuwa. Shafukan da ke sayar da firojet babi ɗaya zuwa biyar a kan 'yan dubban nairori ba su da iyaka, kuma kowane aiki da ke cikinsu wani ne ya zauna ya rubuta shi. Ta hanyoyi da yawa suke samun kayan, har da shagunan buga takardu da ke bakin makarantu, inda fayil ke zaune a kwamfutar shago bayan mai shi ya tafi. Shafin dubawa na kyauta wanda ba a san mai shi ba ƙofa ce da ta fi duk waɗannan sauƙi, tunda ɗalibin ne da kansa ke kawo kayan, a kammale, a gyare.

To bari mu bi misali guda daki-daki, mu ga inda abin ke lalacewa. Mu ɗauka akwai wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Bincikenta a kan matan da suka kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda ne, kuma ta yi hira da mata goma sha biyu a wani ƙauye. Kafin kowace hira ta karanta musu takardar neman izini da kwamitin ɗa'a ya amince da ita, ta yi musu alkawarin cewa ita da malamanta kaɗai za su ga abin da suka faɗa. A cikin babi na huɗu ta sakaya sunayensu da lambobi, kamar yadda aka koya mata. Amma a rataye akwai cikakken rubutun hirarrakin, inda wata ta ambaci sunan mijin da ya sake ta, wata ta faɗi unguwarsu da shekarar da abin ya same ta. Akwai hoton wasiƙar izini daga dagacin ƙauyen, da sunan ƙauyen da hatimi. A shafin farko akwai sunan ɗalibar da lambar rajistarta, a shafin amincewa akwai sunayen malamanta, a shafin godiya kuwa ta jera iyayenta, mijinta, da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Kun san yadda muke rubuta godiya, ba ma barin kowa.

Saura mako biyu ta miƙa, sai wata ƙawarta ta ba ta lambar wani mutum da ke duba wa ɗalibai da Turnitin a kan kuɗi kaɗan. Ta tura masa fayil ɗin ta WhatsApp, ya dawo mata da rahoto mai kyau, ta yi hamdala. Yanzu mu ƙirga inda aikin yake. Yana cikin wayar mutumin, kuma in wayarsa na kwafe saƙonni zuwa ma'ajiyar intanet, yana can ma. Yana cikin asusun Turnitin da ya yi amfani da shi, wanda kusan kullum asusun malami ne na wata makaranta, wataƙila ma a wata nahiya, da aka saya ko aka ara. Duk mai riƙe da wannan asusu yana iya buɗe kowane aiki da aka ɗora a ajin ya sauke shi. Sannan akwai tambaya mafi nauyi, wato yadda aka saita ajin.

A Turnitin, malamin da ya buɗe wurin miƙa aiki shi ke zaɓar inda za a ajiye abin da aka ɗora. Akwai `standard paper repository`, wato babban rumbun kamfanin da ake gwada ayyukan makarantun duniya da shi. Wasu makarantu suna da nasu rumbun na cikin gida. Sai kuma `no repository`, inda ake dubawa a fitar da rahoto ba tare da an zuba aikin a rumbun gwadawa ba. Ɗalibi ba shi ke zaɓa ba, kuma a mafi yawan lokuta ba ya ma ganin abin da aka zaɓa. Masu duba wa mutane don kuɗi duk suna cewa nasu ba ya ajiyewa. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma mutumin bai san yadda aka saita asusun da ya ara ba.

A ce nata ya faɗa babban rumbu. Ranar da sashensu ya ɗora aikin a asusun jami'a, rahoto zai fito ja wur, kamanceceniya ta haura kashi casa'in cikin ɗari, kuma kusan dukkanta daga tushe guda: aikin ɗalibi da aka miƙa wa wata makaranta da ba ta taɓa jin sunanta ba. Alamar da ake gane irin wannan matsala ke nan. Satar gaske takan fito a warwatse, kashi uku daga nan, kashi bakwai daga can. In aka ga tushe ɗaya ya cinye kusan komai, har da shafin godiya da sunan ɗalibar kanta, to aikin ne ya ci karo da kwafinsa. Malamin da ya san manhajar zai iya cire wannan tushe daga lissafi ya sake fitar da rahoto. Wanda bai sani ba zai ce ta sayi aikin ne, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba, tunda abin da allo ya nuna masa ke nan: wani ya riga ta miƙawa.

Cire tushe daga rahoto bai goge aikin daga rumbu ba. Gogewa sai an bi ta hannun makarantar da ke da asusun da aka ɗora aikin: malamin ajin ya nema, mai kula da asusun makarantar ya amince, kuma ana buƙatar lambar da manhajar ta ba aikin, wadda ake gani a matsayin `Submission ID`. Ɗalibarmu ba ta san makarantar ba, ba ta san malamin ba, mutumin da ta biya kuwa ba zai so ya tona cewa yana kasuwanci da asusun wasu ba. Ga wani abu kuma da ɗalibai ƙalilan suka sani. In wani aiki a wata jami'a ya yi kama da nata, malamin can ba zai ga rubutunta kai tsaye ba, amma manhajar tana ba shi damar neman a nuna masa, kuma buƙatar tana zuwa ne ga malamin ajin da aka ɗora aikin. A nan wannan malami baƙo ne da bai san ta ba, bai san alkawarin da ta ɗauka ba. Shi zai yanke hukunci ko a tura hirarrakin ko kada a tura.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna. Matsalar maki ana iya warware ta da bayani da haƙuri, ko da an sha wahala. Amma matan nan goma sha biyu ba su san Turnitin ba, ba su danna amincewa a ko'ina ba. Sun buɗe bakinsu ne a kan abin da suke ɓoye wa maƙwabta, saboda wata 'yar'uwarsu mace ta zauna a tabarma ta ce musu amana ce. A ƙauye ba sai an faɗi suna ake gane mutum ba. Shekara, unguwa da sunan tsohon miji sun isa. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka rubuta aka ɗora ta fi ta baki wuyar mayarwa. Ba sai binciken lafiya ba. Mai karatun lissafin kuɗi da ya samo alƙaluman wani kamfani bisa sharaɗin ba zai fitar ba, mai karatun koyarwa da ya saka sunayen yara da makinsu, mai rubuta maƙalar neman gurbin karatu da ya ba da labarin rashin lafiyar mahaifiyarsa ko rikicin da ya raba su da garinsu, duk suna ɗauke da sirrin wasu a cikin fayil ɗinsu. Mai karatun injiniya ko haɗa magunguna da ya ƙirƙiro wani abu sabo shi ma ya sani cewa in bayanin ya fita fili kafin ya nemi rajistar mallakar ƙirƙira, yana iya rasa damar rajistar.

Wani zai ce ai rubutunsa ne, doka za ta kare shi. Ku ji yadda ta kaya ga waɗanda suka gwada. A shekarar 2003 wani ɗalibin Jami'ar McGill da ke Kanada, Jesse Rosenfeld, ya ƙi ɗora ayyukansa a Turnitin, aka ba shi sifiri. Ya kai ƙara a cikin jami'ar, daga baya aka amince a duba aikin nasa ba tare da manhajar ba. Shi ya yi nasara ne saboda ya tsaya tun kafin ya ɗora. A 2007 kuma wasu ɗaliban sakandare huɗu daga jihohin Bajiniya da Arizona a Amurka suka kai kamfanin iParadigms, mai Turnitin a lokacin, kotu, suna cewa ajiye rubutunsu keta haƙƙin mallakarsu ne. Har rubutawa suka yi a jikin ayyukan cewa ba su yarda a ajiye ba. Kotun farko a 2008 ta ce danna amincewar da suka yi ta ɗaure su, abin da suka rubuta a jikin takarda bai sauya yarjejeniyar ba, kuma ajiyar halastacciya ce a dokar haƙƙin mallaka ta Amurka. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da halascin ajiyar a 2009. Waɗannan 'yan ƙasar da kamfanin yake ne, da lauya a bayansu, kuma kamfani ne sananne mai adireshi. Ina ga ɗalibi a Zariya ko Maraɗi da shafin da ba a san ko a wace ƙasa yake ba?

A Najeriya akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, da hukumar da aka kafa don aiwatar da ita. Dokar ta ba mutum haƙƙin ya nemi a nuna masa bayanansa da ake riƙe da su, ya kuma nemi a goge su a wasu yanayi, ta kuma saka bayanan lafiya, addini da ƙabila cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ita ma tana da haƙƙin gogewa. Waɗannan makamai ne masu amfani a kan jami'arka da kamfanoni masu suna, kuma ina ƙarfafa ku ku yi amfani da su. Sai dai takardar neman gogewa tana buƙatar wanda za a aika wa, kuma ko an goge daga wuri guda, kwafin da wani ya riga ya sauke ko aka riga aka wallafa ba ya dawowa. Ku kuma lura cewa a misalin ɗalibarmu, idan aka zo batun bayanan lafiyar matan, ita ce wadda aka ba amana ta fitar.

Kada ku fahimce ni a kan cewa ku yi tawaye ga dubawar da makarantarku ta wajabta. Akwai bambanci mai girma tsakanin asusun jami'a da shafin da ka tsinta a intanet. Jami'a tana da yarjejeniya a rubuce da kamfanin, tana da ma'aikacin da ke kula da asusun, kuma in matsala ta taso akwai ofishin da za ka ƙwanƙwasa. Ko a nan ɗin ma masu hankali suna tambaya. Jami'ar Vanderbilt a Amurka ta kashe manhajar gano rubutun inji ta Turnitin a watan Agustan 2023, musamman saboda tsoron a zargi ɗalibai bisa kuskure, kuma a bayanin da ta fitar ta ja hankalin malamanta kan batun sirri in za a kai aikin ɗalibi ga wani shafin ganowa na waje. Wannan jan hankali ya shafi malamanmu ma. Malamin da ya kwashi ayyukan ajinsa ya zuba a shafin kyauta don ya kama masu amfani da inji ya fitar da rubutun mutanen da ba su ba shi izini ba.

Saboda haka in kana son ka duba aikinka kafin miƙawa, fara da ɗakin karatu na makarantarku ko ofishin karatun gaba da digiri. Ka tambaya cikin ladabi: "Malam, in an duba mini wannan daftarin, zai shiga rumbu ne ko ba zai shiga ba?" Wanda ya san aikinsa zai gane tambayar nan take, ya buɗe saitin ya nuna maka. Daftari a duba shi a inda ba a ajiyewa, kwafin ƙarshe kaɗai ya shiga rumbu in dokar makaranta ta ce haka. Ka karɓi rahoton da lambar aikin ka adana su, domin ranar neman gogewa ko ranar kare kai su za a fara tambayarka.

Ko a asusun jami'a, ba dole ba ne komai ya tafi. Ka yi kwafi na musamman don dubawa, ka cire shafin godiya da sadaukarwa, wasiƙun izini, hotunan mutane, da rataye mai ɗauke da hirarraki ko sunaye. Ba su ne ake nema a binciken satar rubutu ba, kuma in sashenku ya nace a kan cikakken fayil, ka nuna wa malamin da ke duba aikinka takardar kwamitin ɗa'a, ku yanke shawara tare. Sannan ka tuna fayil ɗin Word yana ɗauke da abin da ido ba ya gani a shafi: sunan marubuci, sunan wanda ya yi gyara na ƙarshe, sharhin da malaminka ya rubuta a gefe, da jimlolin da aka goge alhali ana bibiyar gyara. Sau da yawa ainihin sunan da ɗalibi ya sauya da lamba yana nan kwance a cikin tarihin gyaran. A kwamfuta ka shiga `File`, sai `Info`, sai `Check for Issues`, sai `Inspect Document`, ka cire abin da ya nuna maka. A kan kwafin za ka yi wannan, domin asalin fayil ɗin da duk tarihinsa shi ne shaidarka.

In kuwa duk da haka ka ga sai ka yi amfani da wani shafi na waje, to ka ba shi minti goma kafin ka ba shi aikin shekara guda. Buɗe `Terms of Service` da `Privacy Policy`, ka yi amfani da `Ctrl+F` ka nemi kalmomin `store`, `retain`, `publish`, `train`, `third party` da `delete`, ka karanta jimlar da kowace ta fito a ciki. Abin da kake nema amsar tambaya huɗu ne: ana ajiyewa, har tsawon wane lokaci, wa ake ba wa, kuma ta yaya ake gogewa. In ka ga `perpetual` da `irrevocable` a kusa da `license`, ma'anarsa ka ba su izinin amfani da rubutun har abada, izinin da ba ka iya janyewa, ko da an rubuta a sama cewa mallakar tana nan a hannunka. In ka ga `sublicense`, suna iya miƙa wannan izini ga wani. Ka kuma duba ko alkawarin rashin ajiyewa na masu biya ne kaɗai, domin a shafuka da yawa sharaɗin kyauta daban, na kuɗi daban. Shafin da ba shi da sunan kamfani, ba adireshi, ba hanyar neman gogewa, ka rufe shi, komai kyan alkawarin da ya rubuta da manyan baƙaƙe a shafin farko.

Ni a ganina ma yawancinku ba ku buƙatar wannan dubawar ta asirce. Kai ka san abin da ka kwafo. In akwai sakin layin da kake shakka, ɗauki jimla guda daga ciki, wadda ba ta ƙunshi sirrin kowa ba, ka saka ta tsakanin alamun zance a injin bincike, za ka ga ko daga wani wuri ta fito, sai ka sake rubutawa da kalmominka ka ambaci mai ita. Zargin cewa inji ne ya rubuta maka kuwa, lambar da wani shafi ya ba ka ba za ta wanke ka gaban kwamiti ba, tunda wani shafin zai ba da akasinta. Abin da ke wanke ɗalibi shi ne sawun aikinsa: daftarin farko da na biyu da kwanan watansu, takardun da malami ya yi wa jan biro, littafin da ɗalibin ya riƙa rubutu a ciki a fagen bincike, tarihin gyara na Word ko Google Docs, da iya bayanin kowane babi da baki in an tambaye shi. Ka riƙa tura wa kanka kowane daftari ta imel a ƙarshen mako, kwanan watan da ke kan saƙon zai nuna tun yaushe aikin yake hannunka.

Wanda kuma ya riga ya ɗora, ya zauna yau ya rubuta sunayen shafukan da ya yi amfani da su da ranakun, tarihin burauzarsa zai taimaka masa. Ya shiga kowane asusu ya goge fayil ɗin, sannan ya aika saƙon neman a goge shi daga ma'ajiyarsu gaba ɗaya, domin ɓacewa daga allonka ba ta nufin ɓacewa daga kwamfutocinsu. Ya adana amsar da suka ba shi. In ta hannun wani ya bi, ya nemi lambar aikin da sunan makarantar da ke da asusun, ya kuma sa shi ya goge fayil ɗin daga wayarsa. Daga nan ya je wurin malamin da ke duba aikinsa ya gaya masa tun kafin sashe ya yi nasa binciken, ya tafi da rahoton farko a hannu. In akwai bayanan mutanen da aka yi bincike a kansu a cikin abin da ya fita, kwamitin ɗa'a ma ya kamata ya sani, don su ne za su faɗi ko akwai buƙatar a koma ƙauyen a sanar da waɗanda abin ya shafa.